Martani Kan Batun Daidaita Jeri Biyu a Tambayoyin Haɗawa

Tambayar haɗawa ita ce wadda ake jera abubuwa rukuni biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, a ce wa ɗalibi ya haɗa kowane abu na hagu da abokinsa na dama: littafi da marubucinsa, jiha da babban birninta, gaɓar jiki da aikinta. Jerin hagu shi ne na tambayoyi, kowane layi maki guda, na dama kuwa shi ne na amsoshi. Malamai suna son irin wannan tambaya saboda tana cin abubuwa da yawa a ɗan ƙaramin fili, kuma dubanta ba ya ɗaukar lokaci. Ƙa'idar da masana auna ilimi suka daɗe a kanta ita ce jerin amsoshi ya fi na tambayoyi tsawo, ko kuma a yarda a yi amfani da amsa ɗaya fiye da sau ɗaya, domin kada cire waɗanda aka sani ya tona waɗanda ba a sani ba.

Wani marubuci da ke rubutu kan harkar koyarwa ya soki wannan ƙa'ida. A ganinsa jeri biyu su zama daidai wa daida, biyar da biyar ko shida da shida, kuma gajeru. Hujjojinsa huɗu ne: cewa ƙarin amsoshi tarko ne da ake ɗana wa yaro, cewa gano amsa ta hanyar cire sauran shi ma tunani ne da ya cancanci maki, cewa abin da ake ta magana a kai maki guda ne kacal, bai kai a tayar da jijiyar wuya ba, da kuma cewa jeri daidai ya fi sauƙin shiryawa da dubawa ga malamin da aiki ya yi wa yawa. Akwai wurin da maganarsa take da gaskiya, za a zo gare shi. Amma a jarrabawar da ake ba da maki, a rubuta sakamako, lissafi bai goyi bayansa ba.

Misali ɗaya zai isa a bi maganar har ƙarshenta. A ɗauka malamin adabin Hausa a babbar sakandare ya jera littattafai biyar a hagu: Ganɗoki, Idon Matambayi, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. A dama ya jera marubutansu biyar: Bello Kagara, Muhammadu Gwarzo, Ahmadu Ingawa, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umarnin ya ce kowane suna sau ɗaya za a yi amfani da shi. Wannan shi ne tsarin da marubucin yake yabo.

Ɗalibar da ta san huɗu daga cikin biyar, amma ba ta taɓa jin sunan Idon Matambayi ba, za ta cika huɗun da ta sani, ta duba ta ga littafi ɗaya ya rage, suna ɗaya ya rage. Za ta haɗa su, ta ci biyar bisa biyar. A takardar sakamako babu abin da zai bambanta ta da wadda ta karanta littafin Muhammadu Gwarzo daga bango zuwa bango. Tambaya ta biyar ba ta auna komai ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, layin da ake bayarwa kyauta kullum shi ne mafi wuya a wurin ɗalibin, domin shi ne wanda yake bari sai ƙarshe. Wato abin da malami ya fi bukatar ya san ko an koya, shi ne ainihin abin da tsarin yake ɓoye masa.

Ɗalibin da ya san uku kuwa, littattafai biyu da sunaye biyu ne suka rage masa. Hanyar haɗa su biyu ce kawai: ko ya dace duka biyun, ko ya kuskure duka biyun. Babu tsaka-tsaki. Idan aji mai ɗalibai 60 kowa ya san uku daidai, sauran biyun kuma canki-canka suka yi, abin da ake tsammani shi ne kusan 30 su ci biyar, 30 su tsaya a uku. Ilimi iri ɗaya, amma rabin aji sun sami kashi 100 cikin ɗari, rabi sun sami kashi 60. Tazarar kashi 40 ta shiga tsakanin yara biyu masu zama a benci ɗaya, kuma sa'a ce kaɗai ta raba su. Marubucin da ya fara maganarsa da adalci ya kamata ya tsaya a nan ya duba da kyau.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan tsoho ne. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Pierre Rémond de Montmort, ya tattauna shi a littafinsa na 1708 kan wasannin sa'a. Abin da aka tabbatar shi ne, idan aka haɗa jeri biyu masu tsawo ɗaya ta hanyar kame-kame, matsakaicin abin da za a dace da shi ɗaya ne, komai tsawon jerin. A jerin biyar akwai hanyoyi 120 na haɗawa. A cikinsu 44 ba sa dacewa ko sau ɗaya, 45 suna dacewa sau ɗaya, 20 sau biyu, 10 sau uku, guda ɗaya kuma shi ne daidai duka. Babu ko hanya ɗaya da ke ba da huɗu, domin wanda ya dace da huɗu dole na biyar ya faɗo masa. Ma'anar wannan a aji ita ce, duk ɗalibin da ke da giɓi a iliminsa, ko giɓin layi ɗaya ne ko biyar, a matsakaici maki guda yake samu kyauta a kowane rukunin tambaya.

Daga nan ake gane raunin hujjar "maki guda ne kacal". Makin guda ne a kowane rukuni, kuma takarda ba ta tsayawa a rukuni ɗaya. A ɗauka gwajin tsakiyar zango mai maki 20 an raba shi rukuni huɗu, kowanne biyar da biyar. Yaron da ya san shida kawai daga cikin ashirin, biyu a rukunin farko, biyu a na biyu, ɗaiɗai a sauran, ilimin da yake da shi kashi 30 ne cikin ɗari. A matsakaici zai ƙara maki huɗu na kyauta, ya tashi da goma, wato rabi. Idan rabi ne makin ci a makarantar, ya haye, kuma malami zai wuce zuwa darasi na gaba yana ganin an fahimta. Shawarar marubucin ta a gajarta jerin ma ƙara dagula lamarin take yi. Da ashirin ɗin an raba su rukuni biyu masu goma-goma, kyautar maki biyu ce. Da aka raba su huɗu ta zama huɗu. Gajeren jeri abu ne mai kyau saboda wasu dalilai, amma gajere kuma daidai shi ne mafi zubar da maki cikin duk tsare-tsaren da ake da su.

Gyaran ba shi da tsada. A bar littattafan nan biyar, a ƙara sunaye uku a dama, a jera sunayen bisa tsarin abjadi, kowanne da harafinsa. Tambayar za ta zama kamar haka:

Umarni: A jerin hagu akwai littattafan ƙagaggun labarai. A jerin dama akwai marubuta. Rubuta harafin marubucin kowane littafi a gurbin da ke gefensa. Kowane suna sau ɗaya za a yi amfani da shi, kuma akwai sunayen da ba za a yi amfani da su ba.

Hagu: 1. Ganɗoki, 2. Idon Matambayi, 3. Iliya Ɗan Maiƙarfi, 4. Ruwan Bagaja, 5. Shaihu Umar.

Dama: A. Abubakar Imam, B. Abubakar Tafawa Ɓalewa, C. Ahmadu Ingawa, D. Bello Kagara, E. John Tafida, F. Muhammadu Gwarzo, G. Nuhu Bamalli, H. Umaru Dembo.

Amsoshin su ne D, F, C, A, B. Yanzu ɗalibar nan da ta san huɗu, idan ta iso Idon Matambayi, sunaye huɗu za ta tarar: Tafida, Gwarzo, Bamalli da Dembo. Damar dacewarta ɗaya ce cikin huɗu, daidai da tambayar zaɓi ta jarrabawar JAMB mai A zuwa D. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙarin uku yake da ma'ana: layin ƙarshe, wanda a da kyauta ne, ya koma tambaya ta sosai. Ƙarin ɗaya kawai yana mayar da shi zaɓi tsakanin biyu, kamar tambayar gaskiya ko ƙarya, wanda ya fi babu amma bai isa ba. Ƙarin biyu yana ba da ɗaya cikin uku.

Ajin nan na ɗalibai 60 masu sanin uku-uku shi ma ya canza kama. Kowanne yana da littattafai biyu da sunaye biyar a gabansa, hanyoyin haɗawa 20. Hanya ɗaya ce ke dacewa duka biyun, shida suna dacewa da ɗaya, sha uku ba sa dacewa da komai. Abin da ake tsammani shi ne kusan ɗalibai 3 su ci biyar, 18 su ci huɗu, 39 su tsaya a ukun da suka sani. Sa'a ba ta ɓace ba, babu tambayar zaɓi da ke kawar da ita ɗungurungum, amma mafi yawan ajin sun sami makin da ya dace da iliminsu. Yaron nan mai shida bisa ashirin kuma, maimakon goma, kusan takwas zai samu.

Sai batun tarko, wanda shi ne zuciyar sukar. Tarko abu ne da ake ɓoyewa. Idan malami ya sa sunaye takwas bai faɗa cewa wasu ba su da abokin haɗi ba, har yaro ya ɓata minti biyar yana neman inda zai cusa Umaru Dembo, to lallai an zalunce shi, kuma laifin umarnin ne. Idan kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai sunayen da ba za a yi amfani da su ba, babu abin da aka ɓoye. Ɗalibin da ya san cewa Bello Kagara ne ya rubuta Ganɗoki, ganin sunan Nuhu Bamalli a jerin ba zai raba shi da wannan sani ba. Wanda ƙarin sunayen yake takura wa shi ne wanda bai sani ba, kuma gano shi shi ne aikin jarrabawa. Duk tambayar zaɓi da ɗalibai suka saba da ita a WAEC da NECO tana ɗauke da amsoshin da ba daidai ba kusa da ta daidai, ba a taɓa jin an kira wannan yaudara ba.

Akwai ma wani ɓangare na adalcin da marubucin bai lura da shi ba. A jeri daidai, duk amsar da ɗalibi ya sa a inda ba wurinta ba, amsar wani layin ce ya ɗauke. Kuskure ɗaya dole ya haifi na biyu. Yaron da ya ɗauka Muhammadu Gwarzo ne marubucin Iliya Ɗan Maiƙarfi ya riga ya rasa Idon Matambayi tun kafin ya iso gare shi, domin sunan da ya dace ya riga ya tafi. A jerin sunaye takwas wannan yana iya faruwa har yanzu, amma ba dole ba ne: cikin sunaye bakwai da zai iya zaɓa bisa kuskure, uku 'yan rakiya ne, zaɓensu maki ɗaya kawai yake ci. Saboda haka tsarin da ake kira mai tausayi shi ne wanda ba ya taɓa hukunta kuskure da ƙasa da maki biyu, muddin ɗalibi ya cika dukan gurabe.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta biyu, cewa cire abin da bai dace ba shi ma aikin ƙwaƙwalwa ne. Haka ne, amma cirewa iri biyu ce, kuma marubucin ya haɗa su wuri ɗaya. Ɗalibar da ta tarar da sunaye huɗu, ta tuna cewa John Tafida shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ta tuna Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ne, Bala da Babiya kuma na Nuhu Bamalli, sannan ta yanke cewa Gwarzo ne ya rage, ta yi cirewa da ilimin adabi. Ta san abubuwa uku kafin ta samu maki ɗaya, kuma makin halalinta ne. Wadda ta tarar da suna ɗaya tal ta haɗa shi da littafi ɗaya tal ba ta yi amfani da komai na adabi ba. Ɗan firamare da bai taɓa buɗe littafin Hausa ba zai iya yin wannan. Jeri marar daidai yana barin cirewa ta farko tana aiki, har ma yana buɗe mata fili, abin da yake toshewa ta biyun ce kawai. Idan malami yana son auna basirar warware matsala, akwai tambayoyin da aka gina don haka. Makin da aka rubuta a gaban darasin adabi kuwa iƙirari ne cewa ɗalibi ya san adabi.

Amma ƙara tsawon jeri shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne malamai da yawa da suka karɓi ƙa'idar suke ɓata ta. 'Yan rakiya sai sun yi kama da 'yan gida. Da malamin nan ya cike jerinsa da Mamman Shata, Nana Asma'u da Sa'adu Zungur, kowane ɗalibi zai watsar da su a kallo ɗaya: na farko mawaƙin baka ne, ta biyu malama ce ta ƙarni na 19, na uku kuma da rubutattun waƙoƙi aka san shi. Jerin yana da takwas a ido, amma biyar ne a aikace, kuma an koma gidan jiya. Tafida, Bamalli da Dembo suna aiki ne saboda dukansu marubutan zube ne, sunayensu suna zuwa a darasin tarihin ƙagaggun labarai kusa da na sauran. Inda ya fi dacewa malami ya samo irin waɗannan amsoshi shi ne kurakuran ɗalibansa: ya yi tambayar a buɗe, ba tare da zaɓi ba, a wani gwaji na baya, ya tattara amsoshin kuskure da suka fi maimaituwa.

Darasin jihohi da manyan biranensu ya fi nuna wannan a fili. Idan aka jera Jigawa, Yobe, Zamfara, Adamawa da Neja a hagu, amsoshinsu Dutse, Damaturu, Gusau, Yola da Minna. Ƙara Legas da Fatakwal ɓata tawada ne. Ƙara Haɗeja, Potiskum da Bida kuwa yana raba wanda ya san babban birnin jiha da wanda ya san wani babban gari a cikinta kawai. Kebbi ba ta dace da irin wannan tambaya ba, domin sunan Birnin Kebbi ya riga ya ba da amsa, komai tsawon jerin.

Nahawun Hausa ma yana da tasa hanyar tona asiri, wadda littattafan da aka rubuta don masu koyarwa da Turanci ba su cika ambata ba. Hausa tana nuna jinsi a cikin wakilin suna da dirka. Idan wani layi ya ce "ita ce ta rubuta", kuma mace ɗaya ce a jerin amsoshi, an gama. Haka nan layin da ya ce "su ne suka rubuta" idan amsa ɗaya ce ke da sunaye biyu. Ko da jerin ya kai goma, wannan layin zaɓi ɗaya yake da shi. Maganin shi ne a tsara layukan hagu a matsayin sunaye tsura, ba jimloli masu wakilin suna ba, ko kuma a tabbatar kowane jinsi yana da wakilai da dama a jerin. Sannan a duba cewa babu ɗan rakiyar da shi ma amsa ce daidai. Wanda ya sa Jiki Magayi a hagu, ya sa Tafida da East a matsayin amsoshi biyu daban a dama, ya jawo wa kansa gardama ranar raba takardu, kuma ɗaliban ne za su yi gaskiya.

Hanya ta biyu ta toshe cirewa ita ce a yarda a maimaita amsa. Umarnin sai ya ce ana iya amfani da kowane suna sau ɗaya, ko fiye da sau ɗaya, ko a ƙi amfani da shi sam. Idan aka ƙara Magana Jari Ce a jerin littattafan, Abubakar Imam ya zama amsar layi biyu. Daga lokacin da ɗalibi ya san suna yana iya dawowa, ba ya iya soke shi bayan ya yi amfani da shi, saboda haka kowane layi yana fuskantar sunaye takwas cif, kuma kuskure a layi ɗaya ba ya jan wani layin. Da wannan tsari jerin amsoshi ma yana iya zama gajere fiye da na tambayoyi: kalmomi goma a hagu, azuzuwan kalma huɗu a dama, suna, aikatau, sifa da bayanau. Rashin daidaiton yana iya karkata ta kowane ɓangare, abin da ake gudu shi ne ɗaya-da-ɗaya da ke ƙarewa babu saura. Sharaɗin kawai shi ne malami ya riƙa maimaita amsar da gaske lokaci-lokaci. Idan zango bayan zango umarni yana cewa ana iya maimaitawa amma ba a taɓa yi ba, ɗalibai za su gano, su koma sokewa. A jarrabawar likitanci an ɗauki wannan tsari da nisa: Susan Case da David Swanson sun bayyana a 1993 wani salo da ake jera dogon jerin amsoshi iri ɗaya, kamar sunayen cututtuka, sannan a kawo bayanan marasa lafiya kaɗan a ce a zaɓa wa kowanne amsa daga jerin.

Hujjar sauƙi ba ta bukatar doguwar magana. Abin da ake dubawa haruffa biyar ne, ko jerin amsoshi biyar ne ko takwas. Abin da ke wahalar da mai duba takardu shi ne layukan da yara ke ja su sarƙe da juna kamar saƙar gizo, kuma maganinsa a ce su rubuta harafi a gurbi. Ƙarin aikin da ke kan mai shiryawa shi ne nemo sunaye uku masu ma'ana, aikin 'yan mintoci ga wanda ya san darasinsa.

Inda maganar marubucin take da gaskiya wuri biyu ne. Na farko, a aikin koyo wanda ba a ba da maki, musamman a ƙananan azuzuwan firamare, inda ake haɗa hoto da kalma ko lamba da adadin ƙwallaye. A nan ƙarewar jeri babu saura tana taimaka wa yaro ya gane da kansa ko ya yi kuskure, kuma kalmar da ya samu ta hanyar ragowa wata sabuwar kalma ce da ya koya. Na biyu, tsawon jeri yana da iyaka. Amsoshi ashirin ga tambayoyi biyar suna mayar da jarrabawa gwajin saurin karatu, kuma wanda ke karatu a hankali shi zai sha wuya ko da ya san darasin. Ga 'yan sakandare, tambayoyi biyar zuwa takwas da ƙarin amsoshi biyu ko uku sun isa, a jera amsoshin bisa abjadi ko bisa shekara don ido ya same su da sauri, a sa gajerun kalmomi a dama, kuma rukunin duka ya zauna a shafi ɗaya. Kuskuren marubucin shi ne ɗaukar abin da ya dace da aikin koyo ya mai da shi ƙa'idar jarrabawa. Ya kuma kamata a san cewa tambayar haɗawa, ko an shirya ta da kyau, abin da take aunawa shi ne sanin alaƙar abu da abu. Ba za ta nuna ko ɗalibi ya fahimci jigon Shaihu Umar ba, wannan sai tambayar da za a yi bayani.

Malamin da ke shakka yana iya gwada maganar da takardun ajinsa. A tsohon gwaji mai biyar da biyar, ya ƙirga nawa suka ci kowane maki. Zai ga babu mai huɗu sai wanda ya bar gurbi fanko ko ya rubuta harafi ɗaya sau biyu, kuma masu biyar sun yi yawa fiye da yadda ya san ajin. Bayan ya ƙara 'yan rakiya, sai ya ƙirga sau nawa aka zaɓi kowannensu. Wanda babu wanda ya zaɓa cikin takardu 60 mataccen zaɓi ne, a sauya shi. Wanda ɗalibai masu rauni suka fi zaɓa, masu ƙoƙari kuma suka kauce masa, yana aikinsa. Idan kuwa masu ƙoƙarin ne suka fi zaɓarsa, to ko dai shi ma amsa ce mai yiwuwa, ko kuma an koyar da abin ba daidai ba, kuma duka biyun gyaran yana kan malami. Masu wannan bincike sukan kwatanta kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, bisa shawarar Truman Kelley ta 1939, wanda a ajin 60 ya kama takardu 16 daga kowane ɓangare.

A jarrabawar da makinta zai shiga sakamako, jeri daidai mai amfani da kowace amsa sau ɗaya yana ba da maki guda kyauta a kowane rukuni, yana raba masu ilimi ɗaya bisa sa'a, kuma yana ɓoye wa malami layin da ajinsa bai koya ba. Shawarar marubucin ba abar bi ba ce a wannan wuri.